Tsutsa a Tafin Hannu: Iya Abin da Hoto Ɗaya Zai Iya Faɗa

A ƙarshen watan Janairun 2016 wata tsutsa ta bayyana a gonakin masara na kudu maso yammacin Nijeriya, har da gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasa da Ƙasa, wato IITA, a Ibadan da Ikenne. Tana cin ganye, tana shigewa tsakiyar shuka, tana barin kashi tuli. Da farko an ɗauka ɗaya ce daga cikin tsutsotsin da aka saba da su a Afirka, domin ta yi kama da su ƙwarai. Sai da masana ƙwari suka duba halittar uwayenta a ƙarƙashin madubin ƙara girma, suka kuma gwada ƙwayoyin gadonta, kafin Georg Goergen da abokan aikinsa su sanar a watan Oktoban shekarar cewa baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, mai suna Spodoptera frugiperda. Wannan shi ne karon farko da aka tabbatar da ita a Afirka.

Mutanen da suka yi wannan aiki suna riƙe da tsutsar a hannunsu, suna da kayan aiki, amma ba su yi gaggawar raɗa mata suna ba. Yau kuwa manomi a Giwa ko Saminaka ko Gaya yana ɗaukar hoto ɗaya da wayarsa, ya tura wa malamin gona ko ya ɗora a manhajar gane tsirrai da ƙwari, yana jiran suna kafin ya isa shagon maganin feshi. Sau da yawa sunan na zuwa, kuma sau da yawa daidai ne. Abin da ba ya zuwa tare da shi shi ne bayanin yadda aka kai ga sunan, da abin da hoton ya ɓoye.

Alamomin biyu suna nesa da juna

Ana gane wannan baƙuwar tsutsa da alamomi biyu. Ta farko tana kai: wani zane mai haske a kan goshi mai duhu, siffar harafin Y da aka kifa. Ta biyu tana can wajen wutsiya: a gaɓa ta biyu daga ƙarshe akwai baƙaƙen ɗigo huɗu da suka tsaya daidai wa daida kamar kusurwoyin murabba'i. Sauran gaɓoɓin ma suna da ɗigo huɗu-huɗu, sai dai biyu sun fi matsowa kusa da juna, biyu sun fi buɗewa, ba su yi murabba'i ba.

A nan wahalar hoto ɗaya take. Alama ɗaya tana kallon gaba, ɗaya tana kallon sama a ɗaya ƙarshen jiki. Kuma tsutsar nan, da zarar an ciro ta daga masara aka ɗora a tafin hannu, sai ta naɗe jiki ta sunkuyar da kai. Hoton da aka fi samu ke nan: tsutsa a kwance ta gefe, a lanƙwashe, goshinta na kallon fatar hannu, bayanta na kallon wani waje. Abin da ya fito fili shi ne launi da ratsin da ke gefe, su kuwa su ne mafi raunin shaida. Launin tsutsar na sauyawa daga kore zuwa ruwan ƙasa har zuwa kusan baƙi, gwargwadon girmanta da abin da ta ci. Hasken rana tsaka na iya mayar da ruwan ƙasa ya koma fari-fari a hoto, inuwar hannu kuma ta mayar da shi baƙi.

Girma ma yana da nasa rikicin. Tsutsar na saɓa sau da yawa, tana bin matakai shida kafin ta shiga ƙasa ta zama uwa mai fiffike. A mataki na ƙarshe takan kai santimita 3 zuwa 4, alamominta a bayyane. A matakan farko kuwa 'yar mitsitsiya ce, kore-kore da baƙin kai, zanen goshi da ɗigon wutsiya ba su fito yadda ido zai kama su ba. Abin damuwar shi ne lokacin da ta fi wuyar ganewa shi ne lokacin da magani ya fi kama ta, kafin ta girma ta nutse cikin naɗaɗɗen ganyen tsakiya ta toshe bakinsa da kashinta. Hoto kuma ba ya faɗin girma da kansa. Tsutsar da ta cika allon waya tana iya zama mai tsawon ƙwayar shinkafa, tana iya zama mai tsawon ɗan yatsa.

Masu kama da ita

Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne, kuma a gonar masara masu kama da wane aƙalla uku ne.

Akwai 'yar uwarta ta Afirka, Spodoptera exempta, wadda ke fitowa da yawan gaske a kan ciyawa da hatsi tana tafiya runduna guda. Ita ma tana da zane mai haske a goshi, don haka hoton kai kaɗai ba ya raba su. Amma ba ta da baƙaƙen ɗigo huɗu masu tudu a wutsiya, kuma idan ta yi yawa jikinta baƙi ne mai laushi. Baƙuwar tana cin 'yan uwanta idan ta girma, shi ya sa da wuya a sami manya fiye da ɗaya ko biyu a tsakiyar shuka guda.

Akwai tsutsar auduga, Helicoverpa armigera, mai huda tumatir da kuɓewa, wadda ke shiga goyon masara ita ma. Wannan ta fi ruɗa mutane, domin tana iya nuna ɗigo a baya irin na baƙuwar. Kanta dai ya fi haske, zanen goshinta bai bambanta da launin kan sosai ba, kuma fatarta na da ƙananan ƙayoyi da ke sa ta kaushi idan an shafa. Kaushi abu ne na yatsa, hoton waya da wuya ya nuna shi.

Sai masu huda kara, irin su Busseola fusca da Sesamia calamistis. Jikinsu fari-fari ne ko ja-ja mai haske, ba su da ratsi masu ƙarfi. Manyansu ba su da wuyar rabewa da baƙuwar, amma ƙanana, da kuma ɓarnar da suke fara yi wa ganye, suna kama. Manomi kuwa sau da yawa hoton ganyen yake turowa, ba na tsutsar ba.

Bambancin nan yana da kuɗi a cikinsa. Tsutsar da ke zaune a tsakiyar ganye ana iya kai mata magani idan aka saita bakin feshi cikin wurin, da sassafe ko da yamma lokacin da take motsi. Wadda ta riga ta shige cikin kara kuwa, feshin ganye ba ya isa gare ta. Sunan da aka faɗa bisa kuskure na iya sa mutum ya sayi magani, ya biya mai feshi, ya shaƙi guba, tsutsa kuma tana nan.

Amsa mai gaskiya, daki-daki

A ɗauka wani dattijon manomi ya tura wa malamin gonar yankinsu hoto da rana tsaka: tsutsa mai ruwan ƙasa a lanƙwashe a tafin hannu, ratsi mai haske a gefenta, kanta a sunkuye, ana hango wasu ɗigo a baya amma wutsiyar ta ɗan fita daga saitin kyamara. Babu rubutu sai “Malam, wannan mece ce?”

Malamin da ya san aikinsa yana fara tambayar kansa abin da ya tabbata. Tsutsar faɗa-wuta ce, ba ta ƙwaro mai tauri ba, wannan a fili yake. Tafin hannun ya ba da ma'auni: ta kai kusan tsawon gaɓoɓin yatsa biyu, wato babba ce. Duhun jikinta da ratsinta sun rage yiwuwar ta zama mai huda kara. Saura uku, kuma abubuwan da ke raba su, goshi da wutsiya, su ne hoton bai nuna ba. Sai ya auna da abin da ya sani game da wuri da lokaci: tun daga 2016 baƙuwar ta zama ruwan dare a gonakin masara, don haka ita ce ta fi kusa. Amma wannan zato ne daga yawan aukuwa, ba daga hoton ba, kuma ya kamata ya faɗi haka.

Amsarsa za ta iya zama kamar haka: “Baba, barka da aiki. Wannan ba mai huda kara ba ce a yadda nake gani. Na fi zaton baƙuwar tsutsar masara ce, amma ban tabbatar ba, domin ban ga goshinta ba, wutsiyar kuma ba ta fito sosai ba. Tana iya zama tsutsar auduga. Ku ɗora ta a kan ganye, ku jira ta miƙe, ku ɗauko mini bayanta daga sama da kuma fuskarta. Ku faɗa mini inda kuka same ta, cikin tsakiyar ganye ko a goyo, da kwanakin masarar. Kafin nan kada ku sayi magani.”

Abubuwa huɗu ne a cikin wannan amsa: abin da aka gani, abin da ake zato, abin da ya hana tabbatarwa, da abin da za a yi don a tabbatar. Dattijon bai tashi hannu banza ba. Ya san abin da ba shi ba ne, ya san inda zai duba, kuma aikin bai wuce na minti biyar ba.

A ce ya sake turowa. Hoto na biyu ya nuna ɗigo huɗu a murabba'i kusa da wutsiya, na uku ya nuna zane mai haske a kan goshi mai duhu. Ya ƙara da cewa a tsakiyar ganye ya ciro ta, wurin cike da kashi kamar garin katako, ganyen da ke buɗewa kuma duk ya yayyage. Yanzu shaidu huɗu sun haɗu, malamin na iya faɗin sunan kai tsaye.

Ko a nan akwai iyaka. Sunan tsutsa ɗaya ba ya faɗin halin gona. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana koyar da manoma su ratsa gona a karkace, kamar siffar harafin W, su tsaya wuri biyar, su duba shuka goma a kowane wuri, su ƙirga nawa ne daga cikin hamsin ɗin ke da sabuwar ɓarna ko ƙwai. Wannan ƙidayar ce ke nuna ko feshi ya wajaba. Manomi bisa al'ada shukar da ta fi lalacewa yake ɗauka a hoto, kuma ita ba wakiliyar gonar ba ce.

A tsirrai ma haka ne

Wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, kowane manomin dawa da masara ya san ta da furenta mai ruwan hoda. Amma nau'i biyu ne masu kama da juna a yankin nan, Striga hermonthica da Striga aspera. Babban abin da ke raba su shi ne siririn bututun furen: a ta farko yana lanƙwasa wajen tsakiyarsa, dab da inda ya fito daga koren kwanson da ke riƙe da shi, a ta biyu kuwa lanƙwasar tana can sama, kusa da bakin furen. Mutum idan zai ɗauki fure, ta fuska yake ɗauka domin nan ne kyansa, bututun kuma ya ɓuya a baya. Daga irin wannan hoto amsar da ta dace ita ce “wuta-wuta ce”, a tsaya nan, a nemi hoton fure ta gefe.

Tafasa da rai-ɗore 'yan gida ɗaya ne, dukansu masu rawayan fure, kuma sukan fito wuri ɗaya a bakin hanya da juji. Hoton fure kaɗai ba zai raba su cikin sauƙi ba. Ganye ne ke raba su: na tafasa ƙananan ganyaye ne guda shida, uku a kowane gefe, masu faɗi da zagayayyen baki, na rai-ɗore sun fi yawa kuma bakinsu mai tsini ne. Tafasa ana cin ganyenta a kwaɗo da miya, 'ya'yan rai-ɗore kuwa an san suna cutar da dabbobi idan sun ci da yawa. Ita kanta tafasa masana sun raba ta biyu, Senna obtusifolia da Senna tora, kuma abin da ke raba su ƙanana ne ainun: siffar sassan cikin fure, da zanen da ke jikin ƙwayar iri. Mai miya ba ta buƙatar wannan rabuwa. Ya ishe ta a tabbatar mata tafasa ce ba rai-ɗore ba. Wato zurfin sunan da ake buƙata ya danganta da abin da za a yi da shi, kuma duk abin da zai shiga baki, na mutum ko na dabba, hoto ɗaya bai isa hujja a kansa ba. Sai an kai shukar ga wanda ya san ta, ya riƙe, ya murza, ya sunsuna.

Akwai kuma inda ko hoto ɗari ba zai taimaka ba. Sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, dangin Anopheles, ana gane shi idan an ɗauke shi ta gefe yana zaune, domin yakan ɗaga bayansa sama ya karkace daga bango, sauran sauraye kuwa jikinsu na tafiya kusan daidai da bangon. Daga sama wannan alama ta ɓace. Amma a cikin dangin akwai wasu nau'o'i, irin su gambiae da coluzzii da arabiensis, waɗanda manyansu ba sa rabuwa a ido ko a madubi, sai an gwada ƙwayoyin gado a ɗakin bincike. Wanda ya faɗi ɗaya daga cikin sunayen nan daga hoton waya, ya faɗi abin da ba shi da hanyar sani.

Yadda ake karanta amsar manhaja

Manhajojin da aka fi sani an gina su da sanin wannan rauni. Pl@ntNet, wadda cibiyoyin bincike na Faransa suka fitar a waya a 2013, tana tambayar mai hoto wane sashe ya ɗauka, ganye ko fure ko 'ya'ya ko ɓawo, tana karɓar hotuna da yawa na shuka guda, sannan ta jero sunaye kowanne da makinsa. iNaturalist, wadda ta faro a 2008 a matsayin aikin ɗaliban digiri na biyu a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, takan ba da shawarar dangi idan ba ta kai ga nau'i ba. Abin da aka ɗora yana zama a ƙarƙashin alamar Needs ID har sai mutane sun duba, kuma ba ya samun alamar Research Grade sai fiye da kashi biyu cikin uku na masu dubawar sun yarda da suna ɗaya, tare da kwanan wata da wurin da aka ɗauka.

Makin da ke gefen suna yana buƙatar fahimta. Manhaja tana kwatanta hoton ne da nau'o'in da aka koya mata kaɗai. Idan shukar ba ta cikin jerin, tana iya miƙo sunan wadda ta fi kama da ita, wani lokaci da maki mai tsoka. Kuma hotunan da aka koyar da irin waɗannan manhajoji sun fi fitowa daga Turai da Arewacin Amurka, inda masu ɗorawa suka fi yawa, don haka ciyawar Sahel ta fi fuskantar a sa mata sunan wata 'yar uwarta ta nesa. Hanyar kariya ita ce a duba suna na biyu da na uku. Idan duk 'yan dangi ɗaya ne, dangin abin dogaro ne ko da nau'in bai tabbata ba. Idan sun watse, wannan daga nan wancan daga can, hoton bai ba da komai ba. Sannan a duba ko an taɓa samun nau'in a Afirka ta Yamma, a kuma buɗe hotunansa a nemi alamar da ke raba shi da saura.

Masana kansu suna da hanyar rubuta shakka. A ɗakunan adana busassun tsirrai, irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko na Cibiyar Binciken Gandun Daji a Ibadan, takardar da ke jikin samfur tana iya ɗaukar sunan dangi da alamar sp., ma'ana an san dangi ba a san nau'i ba, ko alamar cf. kafin sunan nau'i, ma'ana ya yi kama, a kwatanta. Samfur na iya zama da wannan alama shekaru kafin wani masani ya zo ya tabbatar ko ya gyara.

Abin da ke hannun mai ɗaukar hoto

Rabin shakkar ana iya kawar da ita tun a gona. Ga ƙwaro ko tsutsa, ana son hoto daga sama, da na gefe, da na fuska, a cikin inuwa mai haske ba rana tsaka ba, da sandan ashana ko biro a gefe don a san girma. A taɓa allon waya a kan ƙwaron domin kyamara ta saita a kansa, in ba haka ba sai ta saita a kan ƙasa ko zanen tafin hannu. Gara a ɗan ja baya a sami hoto mai tsabta da a matsa kusa a sami dishi-dishi. Ƙwaron da ba a sani ba, musamman tsutsa mai gashi, da ganye ko tsinke ake ɗaukarsa, ba da hannu ba. Ga shuka, ana son hoton tsayuwarta gaba ɗaya, da ganye sama da ƙasa har inda ya haɗu da kara, da fure ta fuska da ta gefe, da 'ya'ya ko kwanso idan akwai.

Manhajojin aika saƙo sukan matse hoto don ya yi sauƙin tafiya, ƙananan ɗigo da gashi kuma su ne ke fara ɓacewa. Tura shi a matsayin fayil yana kiyaye su. A haɗa da layi biyu na rubutu ko saƙon murya: gari, wata, irin shukar da aka same shi a kai, wane sashe yake ci, guda ɗaya ne ko da yawa. Idan tsutsar ta yi ƙanƙanta har alamominta ba su fito ba, a saka ta a kwalba mai hudajjen murfi tare da ɗanyen ganyen masara, ana sauya ganyen kullum. Cikin 'yan kwanaki za ta saɓa ta girma, goshi da wutsiya su fito, a sake ɗaukar hoton a tura.